Yadda Ake Taƙaita Tarihin Mara Lafiya a Taron Likitoci Cikin Minti Uku

Mara lafiyar da ya taso daga ƙauyukan Bakura ko Maradun, ya biyo ta Talata Mafara, har aka tura shi Gusau ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ba ya isa da tarihinsa a fayil guda. Yakan iso da leda baƙa a hannun ɗansa, cikinta akwai katin asibiti biyu ko uku, da takardun gwaji da suka sha ninki, da hoton ciki da ya fara dushewa, da kwalayen magani da babu komai a cikinsu. Ragowar labarin yana bakin mai jinya. Daga wannan tarkace ne ƙaramin likita zai fitar da bayanin da zai faɗa a gaban likitan tiyatar mafitsara, da likitan ciwon daji, da likitan ƙoda, da mai karanta hoto, da mai duba tsoka a ɗakin gwaji, da likitan sa barci, da malaman jinya. Lokacin da za a ba shi bai wuce minti uku ba, domin akwai wasu marasa lafiya a jere suna jiran a tattauna nasu.

Irin wannan zama na ƙwararru daga ɓangarori daban-daban ya samu gindin zama a aikin ciwon daji bayan rahoton Calman da Hine da aka fitar a Birtaniya a 1995, daga nan ya bazu zuwa asibitocin koyarwa a ƙasashe da dama har da namu. A nan Najeriya da Turanci ake yawan yin sa, amma tarihin da ake kai masa da Hausa ake tattaro shi a gefen gado, kuma tsarin ginin bayanin ɗaya ne ko da wane harshe za a faɗe shi. Zan bi aikin da misalin mutum guda. Misali ne da na harhaɗa daga irin ciwon da aka saba gani a wannan yanki, ba labarin wani takamaiman mutum ba ne.

Dattijo ne ɗan kimanin shekara 58, manomin shinkafa a filayen da ke shan ruwan madatsar Bakolori. Tun da aka kammala madatsar a 1978, ruwa ya zauna a magudanan ban-ruwa rani da damina, kuma inda ruwa ya zauna katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya takan yaɗu. Yana yaro ya yi fitsarin jini kamar sauran sa'o'insa, babu wanda ya ɗauke shi ciwo. Yanzu jinin ya dawo da gudaji, ya rame, ƙodarsa ta fara gazawa, yana da ciwon suga, an ƙara masa jini har sau biyu, gwajin tsoka kuma ya nuna ciwon daji na mafitsara. Tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya tsargiyar mafitsara cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, saboda haka likitocin Sakkwato ba baƙin wannan labari ba ne.

A fara rubuta tambayar

Kafin ka buɗe ledar takardu, zauna da babban likitan da kake aiki a ƙarƙashinsa ka tambaye shi abu ɗaya: me muke so taron ya yanke mana? Rubuta amsar a saman takarda cikin jimla ɗaya ko biyu. Wanda ya shiga taro yana cewa ya kawo mara lafiya ne «don a tattauna» zai fito da tattaunawa, amma ba zai fito da hukunci ba.

A misalinmu tambayar ta rabu biyu. Shin a fara huda ƙoda ta baya a sa siririyar roba don fitsarin da ya taru ya samu mafita? Bayan haka, shin jikin dattijon zai ɗauki babbar tiyatar cire mafitsara a karkatar da fitsari zuwa jaka a gefen ciki, ko kuwa a koma ga kulawar rage raɗaɗi da tsayar da jini? Da zarar ka rubuta wannan, ka samu rariyar da za ka tace duk abin da ke cikin ledar. Kowane bayani ka ɗauko, tambayi kanka ko zai iya sauya amsar ɗaya daga cikin tambayoyin nan biyu. Idan zai iya, ya shiga bayanin baki. Idan ba zai iya ba, ya tsaya a takardar da ke hannunka ko da wani zai tambaya.

Dubi yadda wannan ke aiki. An yi wa dattijon tiyatar gwaiwa shekara goma sha biyar da suka wuce. Bayanin tiyatar kanta ba shi da amfani ga taron, amma likitan sa barci zai so ya ji cewa an taɓa yi masa allurar kashe rabin jiki kuma ya tashi lafiya. Don haka shafi guda na tsohon kati ya koma kalmomi goma. Zazzaɓin cizon sauro da ya yi sau uku a bana, da gwajin taifod da aka yi ta maimaita masa, ba sa shiga ko kaɗan. Amma ƙwayar dikulofenak da yake saya a kemis yana sha kullum saboda ciwon mara, wadda babu katin da ya ambace ta, dole ta shiga, domin tana cikin magungunan da ke ƙara wa ƙoda rauni.

Jera lokaci

Wannan ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma a nan ne bayani ke gyaruwa ko ya lalace. Baza takardun duka a kan tebur, ka jera su bisa kwanan watan da ke jikinsu, ba bisa asibitin da suka fito ba. Sannan ka ja layi a farar takarda, ka sa kowane abu a wurinsa. Za ka ga giɓi, kuma giɓin nan sai a bakin mara lafiya da mai jinyarsa za ka cike shi.

Mutanenmu ba da watan Bature suke riƙe lokaci ba. Idan ka ce, «Baba, yaushe jinin ya fara?» zai ce maka ya daɗe. Idan ka ce, «Baba, lokacin da jinin ya fara, an yanke shinkafar damina ko tana gona?» sai ya ɗan yi shiru, ya ce ai ana cikin sussuka ne ya fara ganin fitsarin ya yi ja tun daga farkonsa har ƙarshe. Ka samu Nuwamba ke nan ko kusa da haka. Azumi, da ƙaramar salla, da babbar salla, da saukar ruwan farko, da bikin wani daga cikin 'ya'yansa, duk turaku ne da za ka ɗaure kwanaki a jikinsu. Ka kuma lura da abin da ya faɗa game da yanayin jinin. Na ƙuruciya ɗigo ne a ƙarshen fitsari, irin na tsargiya. Na yanzu ya gauraye fitsarin duka, da gudaji, wani lokacin har da wani farin abu kamar ɓarɓashin nama. Wannan bambanci shi ne ya kamata ya tayar da hankalin duk wanda ya fara ganinsa.

Ga abin da layin ya nuna bayan an gama. Jini ya fara a Nuwamba. Tsakanin Disamba da Fabrairu ya sha firazikwantel, maganin tsargiya, har sau biyu, jinin bai tsaya ba. A Mayu gudaji suka toshe fitsarin, aka kwantar da shi a babban asibitin da ke kusa da su, aka sa masa robar fitsari, aka ƙara masa jini leda biyu. A Yuni hoton ciki ya nuna ƙari mai faɗin santimita 6 a bangon mafitsara na hagu, ƙodar hagu kuma ta kumbura. Aka rubuta masa takardar tura shi gaba. Daga nan babu wata takarda sai 29 ga Yuli.

Makonni shida ke nan babu labari, kuma kada ka tsallake su. Da aka tambayi babban ɗansa, sai ya ce, «Likita, kuɗin ne ba su haɗu ba sai da muka sayar da sa guda, hanyar garinmu kuma ba kullum ake bin ta ba. A tsakanin nan ne aka karɓo masa na gargajiya.» Wannan amsa ta ba ka abubuwa uku da taron ke buƙata: ya sha jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba a daidai lokacin da ƙodarsa ta ƙara lalacewa, iyalin sun riga sun taɓa jarinsu, sannan duk maganin da zai buƙaci zirga-zirga kowane mako zuwa Sakkwato yana iya yankewa a tsakiya. Ka yi tambayar ba tare da faɗa ba. Mai jinyar da ya ji alamar za a zarge shi zai ce maka ba a ba shi komai ba.

Lambobi kaɗan, kowace da ranarta

Kuskuren da aka fi yi a taro shi ne karanto sakamakon gwaji ɗaya bayan ɗaya har mutane su daina saurare. Kunne ba ya riƙe lambobi da yawa. Zaɓi waɗanda hukuncin ya rataya a kansu, ka faɗi kowace da ranarta da inda ta dosa. A wurin dattijonmu su ne kiriyatinin, wato ma'aunin aikin ƙoda, da fotasiyam, da yawan jini, da nauyin jiki.

Kiriyatinin yana da tarko. Takardar Yuni ta ce 1.6, ta 29 ga Yuli ta ce 310. Ɗakunan gwajin biyu ba da ma'auni ɗaya suka rubuta ba: na farko da mg/dL, na biyu da µmol/L. Ana ninka na farko da 88.4 don a mayar da shi na biyu, sai 1.6 ya zama kusan 141. Yanzu labarin ya fito fili. A Yuni yana 141, ya ɗan haura iyakar lafiya wadda ke wajen 110 ga namiji baligi. Cikin makonni shida ya ninka fiye da sau biyu ya kai 310, a daidai lokacin da sabon hoto ya nuna ƙodar dama ita ma ta kumbura. Bayan an ba shi ruwa, an dakatar da dikulofenak, an wanke gudajin da ke mafitsara, ya sauko 240 a ranar 15 ga Agusta. Lambobi uku a jere, da ma'auni ɗaya, sun gaya wa likitan ƙoda cewa ƙarin yana toshe magudanan da ke sauko da fitsari daga ƙoda, kuma har yanzu akwai abin da za a iya cetowa.

Likitan ciwon daji kuwa zai so ya ji kimanin yawan jinin da ƙodar ke tacewa a minti. Lissafin Cockcroft da Gault na 1976 shi ne aka saba yi a gefen gado, ga namiji:

```
(140 − shekaru) × nauyi da kilo × 1.23 ÷ kiriyatinin da µmol/L
(140 − 58) × 52 × 1.23 ÷ 240 ≈ 22
```

Mililita 22 a minti ke nan. Sisfilatin, maganin da ake dogara da shi a yawancin ciwon dajin mafitsara, ana son tacewar ta kai wajen 60 kafin a ba da shi. Da ka faɗi 22, ka rufe wannan ƙofa da kalma ɗaya, ka tanadar wa taron minti biyar na muhawara. Lambar ta kuma nuna cewa metfomin da yake sha don suga bai kamata ya ci gaba ba, tunda ana dakatar da shi idan tacewar ta faɗi ƙasa da 30. Sai dai lissafin yana aiki daidai ne idan kiriyatinin ya tsaya wuri ɗaya. Na dattijon yana motsi, don haka ka ce «kimanin», kuma ka faɗi ranar da aka auna.

Akwai wata lambar da ba a ɗakin gwaji ake samunta ba, kuma a ganina ta fi sauran nauyi idan ana maganar babbar tiyata: ƙarfin jikin mutum a rayuwarsa ta yau da kullum. Ma'aunin ECOG, wanda aka wallafa a 1982, yana tafiya, ga mai rai, daga 0, mai cikakken ƙarfi, zuwa 4, wanda ba ya tashi daga kwance. Kada ka ƙiyasta shi da kallon mutum a gadon asibiti, inda kowa kwance yake. Tambayi yaushe rabonsa da gona. Tambayi ko yana taka ƙafa zuwa masallaci, ko a tsaye yake salla ko a zaune, ko shi yake kai kansa bayan gida ya yi wanka. Dattijonmu ya bar gona tun Mayu, yana zagayawa da kansa, yana sallar farilla a tsaye amma ya daina zuwa masallacin da ke nesa da gida, kuma ya fi rabin yini a tashe yana kai-komo, ba a kwance ko a zaune ba. Mataki na 2 ke nan. Idan ka faɗi lambar, haɗa ta da jimla guda ta abin da ka gani, domin likitoci biyu kan ba mutum ɗaya lamba daban.

Abin da ka gani, abin da aka ce maka, abin da ba a yi ba

Ɗan dattijon ya ce a wani wurin ɗaukar hoto an gaya musu an ga tabo a hanta. Babu takardar a cikin ledar. Idan ka tashi a taro ka ce ciwon ya kai hanta, ka kashe maganar tiyata da jita-jita. Idan ka yi shiru, ka ɓoye abin da zai iya zama gaskiya. Abin da za ka ce shi ne iyalin sun ba da labarin haka, ba ka ga takardar ba, kuma hoton da aka sake a nan ranar 30 ga Yuli bai nuna komai a hanta ba. Kowane babban bayani ya fito da tushensa: na karanta sakamakon da idona, ko an faɗa mini.

Haka kuma abin da ba a yi ba yana da muhimmanci kamar abin da aka yi. Ba a yi wa dattijon hoton CT mai allurar rini ba, saboda halin da ƙodarsa ke ciki, don haka ba a gama sanin iyakar yaɗuwar ciwon ba. Faɗi wannan da bakinka tun kafin a tambaye ka. Mai gabatarwa da ya bari sai an tono giɓin da tambaya, sauran abin da ya faɗa ma sai a fara shakkarsa. Akwai kuma 'yan abubuwan da rashinsu labari ne: ba ya ciwon ƙashi, ba ya tari, bai taɓa shan taba ba, gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta ba su nuna komai ba. Jimla ɗaya ta ishe su.

Sai batun da aka fi mantawa da shi, wato abin da mara lafiyar ya sani da abin da yake so. A gidajenmu 'ya'ya kan roƙi likita kada a gaya wa mahaifinsu sunan ciwon. Taron yana buƙatar sanin inda aka tsaya, domin ba a cire wa mutum mafitsara ba tare da ya fahimta ya kuma amince da kansa ba. Dattijonmu ya san akwai ƙari, ba a furta masa kalmar daji ba tukuna. Da aka kwatanta masa jakar fitsari a gefen ciki, tambayarsa ta farko ba a kan zafi ko mutuwa ba ce. Cewa ya yi, «To yaro, alwalata fa?» Malaman fiƙihu suna da sassauci ga wanda fitsari ke zubo masa ba da ikonsa ba, kuma zama ɗaya da malamin da ya yarda da shi zai iya warware masa wannan damuwa. Amma idan ba a kai maganar taron ba, za a yanke hukuncin tiyata, ranar shiga ɗakin tiyata kuma a tarar gadonsa babu kowa.

Bayanin kamar yadda za a faɗe shi

Tsarin da na fi amincewa da shi yana farawa da ko wane ne da tambayar, sai labarin ciwon a jere, sai sakamakon da ya tabbatar da shi, sai ƙarfin jiki da sauran cututtuka, sai abin da ya rage ba a sani ba, sai ra'ayin mara lafiya, sannan a maimaita tambayar. Dalilin sa tambayar a farko shi ne kowane ƙwararre ya san abin da zai kasa kunne ya ji. Ga yadda zai fito:

«Ranku ya daɗe, wannan dattijo ne ɗan shekara 58, manomin shinkafa daga yankin Bakura, mai ciwon dajin mafitsara da ya shiga naman bango, tare da toshewar ƙoda biyu. Muna neman shawara a kan abu biyu: sa robar ƙoda ta baya yanzu, da kuma ko zai iya ɗaukar tiyatar cire mafitsara.

Ya yi tsargiya yana yaro. Wata tara ke nan yana fitsarin jini da gudaji, ya sha firazikwantel sau biyu bai tsaya ba. A Mayu fitsari ya toshe, aka sa roba, tana jikinsa har yanzu. An ƙara masa jini leda huɗu, biyu a Mayu, biyu a farkon wannan wata. PCV ɗinsa ya tashi daga 21 zuwa 28 jiya, kuma jinin bai tsaya gaba ɗaya ba.

Hoton 30 ga Yuli ya nuna ƙari mai santimita 6 a bangon hagu, ƙoda biyu sun kumbura, alhali a Yuni ta hagu ce kaɗai. An leƙa mafitsara an ɗebi tsoka ranar 5 ga Agusta. Na karanta sakamakon: squamous cell carcinoma, ya shiga naman bango, da ƙwayayen tsargiya a ciki.

Kiriyatinin 141 a Yuni, 310 a 29 ga Yuli, 240 jiya. Tacewar ƙoda kimanin 22. Fotasiyam ya sauko daga 5.6 zuwa 5.1. Ya daɗe yana shan dikulofenak kullum, ya kuma sha maganin gargajiya tsakanin Yuni da Yuli. An dakatar da duka biyun.

Yana da suga shekara shida, an cire metfomin an mayar da shi kan insulin. An taɓa yi masa allurar kashe rabin jiki ba matsala. Nauyinsa kilo 52, daga 63 a katinsa na bara. ECOG 2: yana kula da kansa, amma ya bar gona tun Mayu.

Hoton ƙirji lafiya. Ba a yi CT mai rini ba saboda ƙoda, don haka ba mu gama sanin yaɗuwar ciwon ba. Iyali sun ce an taɓa ganin tabo a hanta, babu takarda, hotonmu bai nuna shi ba.

Ya san yana da ƙari, ba a gaya masa daji ba ne, bisa roƙon 'ya'yansa. Damuwarsa da jakar fitsari ita ce alwala. Iyalin sun riga sun sayar da sa guda, kuma zuwa nan kowane mako zai yi musu wuya. Tambayarmu ita ce robar ƙoda yanzu, sannan tiyata ko kulawar rage raɗaɗi.»

Sunan nau'in ciwon ka faɗe shi daidai yadda yake a takardar ɗakin gwaji, kada ka sauya ko ka gajarta. Nau'in da tsargiya ta fi haifarwa ya bambanta da wanda ya fi yawa a Turai, kuma ba ya jin allurar kemo kamar wancan, shi ya sa tiyata ce babbar hanyarsa idan jiki zai ɗauka. Kalma ɗaya da ta kauce a nan za ta kai taron wata hanya daban.

Karanta bayanin da ƙarfi kana kallon agogo, sau ɗaya ko biyu, kafin ranar. Idan ya haura minti uku, kada ka ƙara sauri, ka rage kaya. Wurin da aka fi samun abin yankewa shi ne tsakiyar labarin ciwon, inda ake son a ambaci kowane asibiti da kowane magani. Idan akwai malamar jinyar da ke kula da shi a ɗaki, karanta mata. Ita ce za ta ce maka tun shekaranjiya fitsarin da ke jaka ya ragu, ko ya daina cin abinci, ko matarsa ce ke da ta cewa ba babban ɗan ba. Da safen taron kuma ka sake leƙa mara lafiyar da sakamakon da ya fito cikin dare, domin fotasiyam ɗin da ya kai 6.5 da asuba ya mayar da maganar robar ƙoda aikin gaggawa, ba abin jiran taro ba.

Za ka gane bayaninka bai yi ba idan tambayar farko da aka jefo maka ita ce, «To me kuke so mu yi?» ko kuma idan aka ga mutane suna ta juya fayil suna neman ranar wani gwaji. Idan ya yi, mai karanta hoto zai ɗora nasa kai tsaye, mai duba tsoka ya tabbatar, muhawara ta tafi kan hukunci. In aka tambaye ka abin da ba ka bincika ba, ka ce ba ka bincika ba, za ka kawo amsa yau. Kada ka cike giɓi da zato a gaban mutanen da za su yanke hukuncin tiyata a kan maganarka.

Kafin a kira mara lafiya na gaba, maimaita hukuncin da ƙarfi don kowa ya ji, ka rubuta shi tare da sunan wanda zai yi kowane aiki da ranar da zai yi. A ce taron ya amince a sa robar ƙoda gobe, a sake auna kiriyatinin bayan kwana bakwai, a yi cikakken hoto idan ƙodar ta farfaɗo, babban likita ya zauna da dattijon da 'ya'yansa a gaya masa gaskiyar ciwonsa, sannan a dawo da shi taron bayan mako biyu. Kwafi ɗaya ya shiga fayil. Kwafi na biyu, a shafi guda da rubutu mai karantuwa, a ba mai jinya ya sa a ledarsa, da jerin magungunan da aka hana shi da lambar wayar sashen. Idan robar ta toshe ko ta fice da dare bayan an sallame shi, asibitin Mafara ko na Bakura za a fara kai shi, kuma wannan shafin ne likitan da ke aikin dare zai karanta.